Tambayar da Ta Gagari Kowace Kwamfuta da Yadda Aka Kafa Hujjarta

Akwai tambayoyin da babu wata manhajar kwamfuta da za ta iya amsa su daidai a kowane hali. Masana lissafi sun kafa hujjar haka tun shekarar 1936, kafin a ƙera kwamfutar lantarki irin wadda aka sani yau. Mafi shahara a cikin waɗannan tambayoyi ita ce wadda ake kira matsalar tsayawa. Ga yadda take: idan aka kawo wata manhaja tare da bayanan da za ta yi aiki a kansu, shin za ta kammala aikinta ta tsaya, ko kuwa za ta yi ta juyawa har abada? Abin da ake nema shi ne manhaja guda ɗaya da za a miƙa mata kowace manhaja a duniya, ta duba, ta ce "za ta tsaya" ko "ba za ta tsaya ba", ba tare da kuskure ba, kuma ba tare da ita kanta ta maƙale ba. Hujjar ta nuna cewa irin wannan manhaja ba ta samuwa, komai saurin na'ura, komai gwanintar mai rubutu.

Abin da ake nufi da tsayawa

Manhaja jerin umarni ce da kwamfuta ke bi ɗaya bayan ɗaya. A cikin umarnin akwai wanda ke cewa a maimaita wani aiki muddin wani sharaɗi bai cika ba, kuma daga nan ne rashin tsayawa ke samo asali. Ga ƙaramin misali:

```
n = 10
while n != 0:
    n = n - 2
```

Ma'anarsa ita ce a fara da 10, a riƙa debe 2 muddin lambar ba ta zama sifili ba. Lambar za ta sauka zuwa 8, 6, 4, 2, sannan 0, manhajar ta tsaya bayan zagaye biyar. To amma idan aka fara da 9, za ta bi 7, 5, 3, 1, ta tsallake sifili ta faɗa ƙasa da shi, ta ci gaba da gangarawa ba iyaka. Sauya lamba ɗaya tak ya mayar da manhaja mai tsayawa marar tsayawa.

A wannan misali mutum na iya gane amsa da ido, domin cika ce ke sauka a kan sifili, mara kuwa tsallake shi take yi. Wahalar tana bayyana ne idan aka zo kan manhajojin da ba a ganin ƙarshensu daga farkonsu. Dabarar da ta fi saurin zuwa rai ita ce a kunna manhajar a jira. Idan ta tsaya, an sami amsa. Idan kuwa aka yi awa guda ba ta tsaya ba, ba a sami komai ba, domin wataƙila saura minti ɗaya ta gama, wataƙila saura shekara dubu, wataƙila kuma ba za ta taɓa gamawa ba. Jira yana iya tabbatar da "za ta tsaya", amma ba ya taɓa tabbatar da "ba za ta tsaya ba".

Akwai misalin da ke nuna zurfin lamarin. A shekarar 1742 Christian Goldbach ya yi musayar wasiƙa da Leonhard Euler, inda aka sami hasashen nan mai ɗauke da sunansa: kowace lamba cika da ta wuce 2 ana iya rubuta ta a matsayin jimillar lambobi biyu marasa rabuwa, wato lambobin da ba abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11. Misali, 10 ita ce 3 da 7, 28 ita ce 5 da 23, 100 ita ce 3 da 97. An gwada hasashen da kwamfuta har zuwa lambar 4 mai sifili 18 a bayanta ba a ga inda ya karye ba, amma har yau babu wanda ya kafa hujjar cewa ya tabbata ga dukkan lambobi. Ɗalibi na iya rubuta manhaja mai 'yan layuka da za ta fara daga 4, ta gwada 6, 8, 10, haka dai, ta tsaya a ranar da ta ci karo da lambar da ta saɓa wa hasashen. Duk wanda ya san ko wannan 'yar manhajar za ta tsaya, to ya warware tambayar da ta gagari masana kusan shekara 300. Da akwai manhajar da ke hukunta tsayawa, da sai a miƙa mata wannan a karɓi amsa. Wannan bai zama hujja ba tukuna, amma ya isa ya sa mai hankali ya fara shakkar samuwarta.

Manhaja ma bayani ce

Kafin a shiga hujjar sai an fahimci abu ɗaya da dukkanta ta dogara a kansa. Manhaja rubutu ce, kuma a cikin kwamfuta ana ajiye ta kamar yadda ake ajiye hoto ko wasiƙa, wato jerin sifili da ɗaya. Saboda haka ana iya ɗaukar manhaja a miƙa ta ga wata manhaja a matsayin bayanin da za ta yi aiki a kansa. Wannan abu ne na yau da kullum: manhajar kariya daga cutar kwamfuta tana karanta wasu manhajoji, haka ma manhajar da ke fassara rubutun mai tsara manhaja zuwa harshen na'ura. Babu kuma abin da ya hana a miƙa wa manhaja kwafin rubutunta na kanta. Manhajar da ke ƙirga kalmomin fayil, alal misali, tana iya ƙirga kalmomin fayil ɗin da aka rubuta ta a ciki, kuma ba wani abin mamaki da zai faru.

Hujjar

Hanyar da ake bi tsohuwa ce a lissafi: a ƙaddara cewa abin da ake musu ya samu, a bi shi mataki-mataki har ya kai ga abin da hankali ba zai karɓa ba, daga nan a san ƙaddarawar farko ce ɓatacciya.

To a ƙaddara wani ya zo da manhajar da ke hukunta tsayawa. A sa mata suna Alƙali. Ana ba Alƙali abu biyu, manhaja da bayanan da za ta ci, shi kuma ya yanke hukunci ɗaya daga cikin biyu. An yi masa shaidar abu biyu: ba ya kuskure, kuma ba ya rasa ba da amsa. Ba a buƙatar sanin yadda cikinsa yake, kuma ƙarfin hujjar daga nan yake, domin ta shafi kowane irin Alƙali da za a iya rubutawa.

Tun da Alƙali manhaja ce, ana iya saka shi a cikin wata manhajar. Sai a rubuta wata gajeriya, a kira ta Mai Gardama:

```
def gardama(p):
    if alkali(p, p):
        while True:
            pass
    else:
        return
```

Aikinta uku ne. Ana ba ta wata manhaja, wadda aka yi wa laƙabi da `p`. Sai ta tambayi Alƙali: idan aka ciyar da `p` da rubutunta na kanta, za ta tsaya? Sannan ta aikata akasin abin da ya faɗa. Idan ya ce za ta tsaya, Mai Gardama ta shiga zagayen da ba ya ƙarewa. Idan ya ce ba za ta tsaya ba, Mai Gardama ta tsaya nan take. Babu wani umarni baƙo a cikinta. Muddin Alƙali ya samu, ita ma ta samu.

Mataki na ƙarshe shi ne a miƙa wa Mai Gardama rubutunta na kanta, wato `gardama(gardama)`. Abin da za ta tambayi Alƙali yanzu shi ne: idan aka ciyar da Mai Gardama da kanta, za ta tsaya? Wato tana tambayarsa ne game da aikin da take cikin yi a wannan lokacin. Hanya biyu ce kawai a gaban Alƙali. Idan ya ce za ta tsaya, umarninta ya tura ta zagayen da ba ya ƙarewa, ba ta tsaya ba, hukuncinsa ya zama ƙarya. Idan ya ce ba za ta tsaya ba, umarninta ya sa ta tsaya, hukuncinsa ya sake zama ƙarya. Idan kuma ya yi shiru bai ba da amsa ba, ya saɓa wa shaida ta biyu da aka yi masa. Ta ko'ina aka ɓullo an sami manhaja ɗaya da bayani ɗaya da Alƙali ya gaza a kansu, alhali an ƙaddara ba ya gazawa. Abu ɗaya aka ƙaddara tun farko, shi ne samuwar Alƙali, don haka shi ne bai tabbata ba.

Lamarin ya yi kama da mutumin da ke alfahari cewa yana iya faɗin ƙofar da kowane yaro zai fita daga gida mai ƙofa biyu, sai aka kawo masa yaron da ya ƙudurta zai saurari abin da aka faɗa sannan ya bi ɗaya ƙofar. Iliminsa game da yara bai da amfani a nan, domin maganarsa tana cikin abubuwan da ke juya ƙafar yaron.

Yana da kyau a gwada hujjar a kan Alƙalai na gaske, domin a ga cewa ba wasan kalmomi ba ce. Na farko mai sauƙin kai ne: yana karanta rubutun manhaja, idan ya ga `while True` a ciki ya ce ba za ta tsaya ba, idan bai gani ba ya ce za ta tsaya. Mai Gardamar da aka gina a kansa tana ɗauke da waɗannan kalmomi, saboda haka zai ce ba za ta tsaya ba. Da jin haka sai ta bi reshe na biyu ta tsaya, ba ta ko leƙa zagayen ba.

Na biyu ya fi wayo. Yana kwaikwayon aikin manhajar mataki-mataki har mataki miliyan ɗaya. Idan ta tsaya a cikinsu ya ce za ta tsaya, idan ba ta tsaya ba ya ce ba za ta taɓa tsayawa ba. Idan aka ba shi Mai Gardamarsa, zai fara kwaikwayonta. Abu na farko da Mai Gardamar da ake kwaikwayo za ta yi shi ne kiran Alƙali, wanda shi ma sai ya ƙirga nasa matakai miliyan ɗaya kafin ya yi magana. Ke nan wa'adin Alƙali na waje zai cika alhali na ciki bai gama ba. Sai ya yanke cewa ba za ta tsaya ba, ita kuwa Mai Gardama ta ainihi ta karɓi hukuncin ta tsaya. Ko an mayar da wa'adin biliyan ɗaya haka za a sake yi, domin tsawon aikin Mai Gardama yana ƙaruwa tare da wa'adin. Duk gyaran da aka yi wa Alƙali yana haifar da sabon Alƙali, sabon kuma yana da tasa Mai Gardamar.

Dabarar da ke ƙarƙashin wannan ta girmi kwamfuta. Georg Cantor ya yi amfani da ita a 1891. A hoto, a jera dukkan manhajoji a layuka daga sama zuwa ƙasa, a sake jera su a ginshiƙai daga gefe zuwa gefe, a kowane gurbi a rubuta ko manhajar wannan layi tana tsayawa idan aka ciyar da ita da ta wannan ginshiƙi. Mai Gardama tana bin guraben da suka ratsa teburin a karkace, inda manhaja ta farko ta haɗu da kanta, ta biyu da kanta, ta uku da kanta, tana juya kowanne. Ta saɓa wa layi na farko a gurbi na farko, ta saɓa wa na biyu a gurbi na biyu, haka har ba iyaka. Ke nan ba ta yi daidai da kowane layi ba, alhali teburin ya ƙunshi dukkan manhajoji. Wannan shi ne karon da aka gani a sama, ta wata fuska.

Me ya sa aka ce kowace kwamfuta

Mai karatu na iya cewa an yi hujjar ne da harshen manhaja guda, to ina dalilin shafa ta ga na'urorin da ba a ƙera ba tukuna? Amsar tana cikin tarihin yadda aka zo ga lamarin.

A 1928 David Hilbert da Wilhelm Ackermann suka gabatar da tambaya a littafinsu na mantiƙi: shin akwai tsayayyar hanya, wadda ake bi ba tare da basira ko ilhama ba, da za ta iya tantance ko wata magana ta mantiƙi tana da hujja? Hilbert yana da kyakkyawan zaton cewa kowace tambayar lissafi tana da mafita. A 1931 Kurt Gödel ya girgiza wannan zato da ya nuna cewa duk tsarin ƙa'idoji marar karo da juna da ya isa ya ɗauki lissafin lambobi yana da maganganun da ba zai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa ba. Amma tambayar 1928 ta saura, kuma kafin a ce babu irin wannan hanya dole a fayyace mece ce "tsayayyar hanya".

Alan Turing, matashi ɗan Ingila a Jami'ar Cambridge wanda aka haifa a 1912, ya fayyace ta a maƙalarsa ta 1936. Ya dubi abin da mutum ke yi idan yana lissafi da alƙalami da takarda: yana kallon alama, yana tuna inda yake a cikin aikin, yana rubutawa ko gogewa, yana matsawa gaba ko baya. Sai ya siffanta na'ura ta tunani mai yin waɗannan kaɗai. Tana da dogon zare da aka raba gida-gida wanda ba ya ƙarewa, da kai mai karanta gida ɗaya a lokaci guda, da ƙididdigaggun halaye da take sauyawa a tsakaninsu, da jadawalin da ke faɗin abin yi a kowane hali. Ya kuma nuna cewa akwai na'ura guda da za ta iya kwaikwayon kowace irin wannan na'ura idan aka rubuta mata bayaninta a kan zaren, wanda shi ne tushen ɗaukar manhaja a matsayin bayani. A shekarar dai, Alonzo Church na Jami'ar Princeton a Amurka ya riga shi kaiwa ga amsar "babu" da 'yan watanni, ta wata hanya dabam. Da aka gwama ma'anonin biyu sai aka ga abin da ɗaya ke iya lissafawa shi ne daidai abin da ɗayan ke iyawa. Siffar da Turing ya ba matsalar ta ɗan bambanta da wadda aka kawo a nan. Sunan matsalar tsayawa ya yaɗu ne daga baya, musamman ta littafin Martin Davis na 1958.

A nan akwai bambancin da ya kamata a kiyaye. Cewa babu na'urar Turing da ke warware matsalar tsayawa hujja ce kammalalliya. Cewa duk abin da ake iya lissafawa ta tsayayyar hanya na'urar Turing na iya lissafa shi kuwa, ra'ayi ne da ake jingina wa Church da Turing, kuma ba irin maganar da ake kafa wa hujjar lissafi ba ce, tun da tana haɗa ma'ana tsayayya da fahimtar mutane ta yau da kullum. Abin da ke ƙarfafa ta shi ne, duk harsunan manhaja da duk kwamfutocin da aka ƙera tun daga lokacin ba su wuce wannan iyaka ba. Kwamfutar kwantam ma, wadda ake sa ran za ta yi wasu lissafai da sauri ƙwarai, ba ta amsa tambayar da na'urar Turing ba ta iya amsawa. Bambancinta a sauri yake.

Daga tambaya ɗaya zuwa dubbai

Da zarar an sami tambaya ɗaya da ta gagara, ana amfani da ita a gano wasu. Hanyar ita ce a nuna cewa wanda ya iya amsa sabuwar tambayar zai iya amsa ta tsayawa. A ɗauki tambayar da masu rubuta manhaja ke so a amsa musu kullum: shin wannan layi na manhajata akwai ranar da za a kai kansa? A ƙaddara akwai manhajar da ke amsa wannan daidai a kowane hali. To sai a ɗauki kowace manhaja `p` da bayaninta `x`, a gina wannan:

```
p(x)
print("an iso")
```

Ba za a kai layi na biyu ba sai `p` ta gama aikinta. Saboda haka tambayar ko za a kai layin ita ce tambayar ko `p` za ta tsaya, an dai sauya mata riga. Mai amsa ta farko ya zama Alƙali, Alƙali kuwa ba ya samuwa.

Henry Gordon Rice ya faɗaɗa wannan a sakamakon da aka buga a 1953. Ya nuna cewa duk tambayar da ta shafi abin da manhaja ke lissafawa, muddin wasu manhajoji na da siffar wasu ba su da ita, babu manhajar da za ta iya hukunta ta a kowane hali. Ko manhajoji biyu aiki ɗaya suke yi, ko wata manhaja amsarta kullum sifili ce, duk sun faɗa ciki. Tambayoyin da suka shafi rubutun kansa, kamar yawan layukansa, ba su shiga ba, haka ma tambayar ko manhaja za ta tsaya cikin mataki dubu, domin wannan ana iya kunnawa a ƙirga. A shekarun 1980 Fred Cohen ya yi amfani da irin dabarar Mai Gardama ya nuna cewa babu manhajar da za ta gane kowace cutar kwamfuta ba tare da kuskure ba.

Lamarin bai tsaya a kan manhajoji ba. A cikin matsalolin da Hilbert ya jera a 1900, ta goma ta nemi hanyar gane ko daidaiton lissafi, irin wanda aka gina da tarawa da ninkawa kawai, yana da amsa a cikakkun lambobi. Misali, x² − 2y² = 1 yana da amsa, x ya zama 3, y ya zama 2, amma x² + y² = 3 ba shi da ita. Bayan dogon aikin Martin Davis da Hilary Putnam da Julia Robinson, Yuri Matiyasevich ya kammala hujja a 1970, yana ɗan shekara 22 a Leningrad, cewa irin wannan hanya ba ta samuwa. Dalilin shi ne ana iya mayar da kowace manhaja daidaiton da ke da amsa idan manhajar tana tsayawa, ba shi da ita idan ba ta tsayawa.

Abin da hujjar ba ta ce ba

Ana yawan ɗora wa wannan sakamako nauyin da bai ɗauka ba. Bai ce ba a iya sanin ko wata takamaimiyar manhaja za ta tsaya ba. An gani a sama cewa mai farawa da 10 tana tsayawa, mai farawa da 9 ba ta tsayawa. Abin da ya kore shi ne hanya guda da ke aiki ga duka. Bai kuma nuna cewa ɗan Adam ya fi na'ura a wannan fage ba, domin mutum ma bai san makomar manhajar Goldbach ba.

Akwai kuma ƙorafin da ke da ƙamshin gaskiya. Kwamfuta ta zahiri ma'ajiyarta tana da iyaka, saboda haka yanayoyin da za ta iya shiga ƙididdigaggu ne. Idan ta yi ta aiki ba tare da sabon bayani daga waje ba, dole ko ta tsaya ko ta maimaita yanayin da ta taɓa shiga, kuma maimaitawar shaida ce cewa ta faɗa zagaye. A ƙa'ida ke nan ana iya hukunta tsayawarta. Sai dai adadin ya fi ƙarfin aiki. Ma'ajiya mai gurabe 300 kacal, kowanne sifili ko ɗaya, tana da yanayoyi da suka haura yawan ƙwayoyin zarra da ake ƙiyasta suna cikin sararin samaniyar da ake iya hangowa, wayar hannu kuwa gurabenta biliyoyi ne.

Abin da injiniyoyi ke yi shi ne su saki ɗaya daga cikin sharuɗɗan da aka ɗora wa Alƙali. Wasu kayan aikin suna da amsa ta uku, wato sun kasa tantancewa. Wasu suna karɓar kuskure ta ɓangaren da ya fi sauƙin illa. A cikin Linux akwai mai tantance ƙananan manhajoji na eBPF, wanda ke ƙin karɓar duk manhajar da ya kasa tabbatar da cewa za ta tsaya, ko da a gaskiya lafiyarta ƙalau. Manhajar kariya daga cuta tana kuskure ta fuska biyu, wani lokaci ta zargi fayil mai kyau, wani lokaci mugu ya wuce ta. Wayar Android kuwa, idan manhaja ta yi kimanin daƙiƙa biyar ba ta amsa taɓawar mai ita ba, sai ta fito da saƙo tana tambaya ko a jira ko a rufe. Wannan shi ne Alƙali mai wa'adi da aka gwada a sama, sai dai shi ba ya yanke hukunci, yana bar wa mai wayar zaɓi.

Akwai ma'aunin da ke nuna dalilin da ya sa wa'adi ba zai taɓa wadatarwa ba. A 1962 Tibor Radó ya kawo wasan neman na'urar Turing mafi ƙwazo. A wani nau'in tambayar, ana duba dukkan na'urori masu wani adadin halaye da alamomi biyu, waɗanda aka kunna a kan zare marar rubutu, a nemi wadda ta fi daɗewa tana aiki kafin ta tsaya. Mai halaye biyu ba ta wuce mataki 6, mai uku 21, mai huɗu 107. Mai halaye biyar tana kai mataki 47,176,870, kuma sai a 2024 wata ƙungiyar masu bincike da suka haɗu ta intanet suka kammala hujjar cewa babu wadda ta wuce haka, bayan sun tantance makomar kowace na'ura mai halaye biyar. Ta shida ba a san adadinta ba, an dai san ya wuce abin da za a iya rubutawa da lambobi a jere. Da akwai manhajar da ke lissafa wannan adadi ga kowane yawan halaye, da ta ba da wa'adin da ake nema: a kunna na'ura, idan ta wuce adadin ba ta tsaya ba, an tabbata ba za ta tsaya ba. Hakan zai warware matsalar tsayawa, saboda haka babu manhajar da ke lissafa shi. Radó ya nuna fiye da haka ma: wannan jerin lambobi yana girma fiye da duk wani jeri da manhaja za ta iya lissafawa.